Daga jika 12 zuwa jika 14: karanta zanen farashin albasa a hoton takardar tambaya

Tambayar ta fito ne a aikin gida na ɗaliban shekarar farko a fannin tattalin arziki a Tawa. Takarda ɗaya malami ya bayar, wani ɗalibi ya ɗauki hotonta da daddare ya tura wa sauran ta WhatsApp, kowa kuma da wannan hoton ya yi aiki. Da aka tattara amsoshi sai aka ga kala huɗu: 18,000, da 15,000, da 10,000, da 14,000. Zane ɗaya ne, tambaya ɗaya, kuma babu wanda ya yi shaci-faɗi a cikinsu. Kowace amsa tana da hanyar da ta haife ta, shi ya sa lamarin ya cancanci a bi shi dalla-dalla.

Abin da ke kan takardar

Zanen na kasuwar albasa ne, irin ta Galmi, amma lambobin na darasi ne, ba farashin wata rana a kasuwa ba. Gefen tsaye yana ɗauke da harafin `P`, wato farashin buhu ɗaya, an jera masa 0, 4, 8, 12, 16, 20, 24. Gefen kwance yana ɗauke da `Q`, yawan buhunan da ake hada-hadarsu a mako, shi ma daga 0 zuwa 24, hurhuɗu. Daga kowace lamba an ja siririn layi, sai zanen ya zama raga mai gidaje shida a tsaye, shida a kwance. A cikin ragar akwai miƙaƙƙun layuka uku: ɗaya yana gangarowa daga hagu zuwa dama, biyu suna hawa.

Rubutun da ke ƙasa ya ce damina ta ruɓar da albasar da aka ajiye a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, saboda haka abin da masu sayarwa za su iya kawowa ya ragu da buhu 6,000 a kowane farashi. Ana son sabon farashin daidaito, wato farashin da abin da masu saye ke so ya zo ɗaya da abin da masu sayarwa ke kawowa, da kuma yawan buhunan da za a sayar.

Kafin a taɓa layukan, sai an karanta ƙaramin rubutun da ke jikin gefunan biyu. A nan an rubuta cewa dukkan lambobin dubbai ne. Ke nan 12 a gefen tsaye jika 12 ce, sefa 12,000, 12 a gefen kwance kuma buhu 12,000 ne. Ɗalibai da dama suna kawo lissafi daidai har ƙarshe, sannan su rubuta "14" tsirara, mai gyara ya zaftare maki. Yana da gaskiya kuwa, domin sefa 14 ko dala uku ba ta kai ba.

Sai sunayen layukan. Mai gangarowa an sa masa `D`, shi ne layin masu saye: in farashi ya sauka sukan ƙara saye. Masu hawan an sa musu `O1` da `O2`, layukan masu sayarwa kafin ɓarnar da bayanta. Wanda ke karatu da littattafan Najeriya, kamar yadda wasu ɗaliban Ƙonni kan yi, zai tarar da `S` a madadin `O`, abu ɗaya ne. A hoton, hasken fitila ya faɗa daidai kan ƙananan lambobin da ke jikin haruffan biyu, ba a gane wanne ne 1, wanne ne 2. Ba sai an nemi wani hoto ba a kan wannan, rubutun tambayar ya isa. Kaya sun ragu, don haka a kowane farashi sabon layin yana nuna buhunan da ba su kai na da ba, wato yana hagu da tsohon. Layin hagu shi ne `O2`. A lura da cewa na hagun shi ne kuma na sama, abin da ke ruɗar wasu su ce ai layi ya hau, kaya sun ƙaru. Yawan kaya a kwance ake karanta shi, hagu ragi, dama ƙari.

Abin da hoto yake ɓatawa da abin da ba ya iya ɓatawa

Wanda ya ɗauki hoton bai tsayar da wayar a saman takardar ba, ya ɗauka ne daga inda yake zaune, wayar a karkace. Sakamakon haka ƙasan zanen ya fi kusa da kyamara, samansa ya yi nisa. Idan aka buɗe hoton har gefen tsaye ya kai santimita 6 a fuskar waya, gidan farko, daga 0 zuwa 4, yana cin kusan santimita 1.2, na ƙarshe kuma, daga 20 zuwa 24, kusan 0.8 kawai. A takardar asali duk tsayinsu ɗaya.

Nan ɗaya daga cikin masu amsar 15,000 ta faɗa. Ta gane `O2` daidai, ta gano mahaɗarsa da `D` daidai, sai ta ɗora rula a kan waya. Mahaɗar tana santimita 3.8 daga ƙasa. Ta ce tunda santimita 6 ita ce 24, kowace santimita 4 ce, 3.8 sau 4 kuma 15.2, sai ta mayar da shi 15. Lissafinta babu kuskure, awon ne ba shi da tushe, domin santimitar ƙasan hoton da ta samansa ba daraja ɗaya suke da ita ba.

Karkatar kyamara tana sauya tsayi da faɗi da kusurwa. Amma muddin takardar a shimfiɗe take, miƙaƙƙen layi yana nan a miƙe, kuma inda layuka biyu suka haɗu a takarda, nan suke haɗuwa a hoto. Idan layi ya ratsa ta kusurwar wani gida a takarda, ta nan zai ratsa a hoto komai karkatarsa. Wannan ne abin dogaro. Saboda haka a hoto ba a awo da rula daga tushe, ƙidayar gidaje ake yi, ana bin layukan raga yadda suka karkata, ba yadda gefen wayar ya miƙe ba.

Da ɗalibar nan ta auna daga layukan da ke maƙwabtaka da mahaɗar, da ta tsira. Layin 12 yana santimita 3.3, layin 16 yana 4.3, mahaɗar tana 3.8, tsakiyarsu ke nan, wato 14. A cikin gida ɗaya karkatar ba ta da yawa, sai an tara gidaje da yawa take taruwa ta zama kuskuren jika guda. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar rula sam: a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a cikin gidan, a ja na biyu ta ɗaya ɓangaren. Inda suka gicciye shi ne ainihin tsakiyar gidan, ko a karkataccen hoto.

Wannan dogaro yana da iyaka. Idan littafi ne mai kauri aka ɗauka, shafin ya lanƙwashe wajen ɗinki, ko takardar ta sha ninki a aljihu, to layuka kan tanƙware. Ana ganewa ta hanyar duba layukan ragar kansu: in sun yi baka, a nemi wani hoton. A shimfiɗa takardar, a danne gefunanta, a tsayar da waya sambal a samanta, a kashe fitilar wayar a nemi haske daga gefe. A tura shi a matsayin fayil, domin hoton da aka tura ta hanyar da aka saba matse shi ake yi, ƙananan lambobi su dusashe, 8 ta koma kamar 3.

Sake gina zanen

Hanyar da ta fi tsaro ita ce a bar hoton a koma takarda mai gidaje. Miƙaƙƙen layi wuri biyu kawai yake buƙata, sai a nemi wuraren da ya ratsa daidai kan kusurwar raga, inda ba a buƙatar kintace. A zaɓi masu nisa da juna, kuma a nemi na uku don tabbatarwa.

Layin `D` ya taɓa gefen tsaye a 24, ya taɓa gefen kwance a 24, ya kuma bi ta inda 12 da 12 suka haɗu. Duk lokacin da farashi ya hau jika 4, saye yana raguwa da buhu 4,000, wato jika ɗaya, buhu 1,000. Layin `O1` ya bi ta kusurwa uku: farashi 8 da yawa 4, farashi 12 da yawa 12, farashi 16 da yawa 20. Hawan jika 4 yana jawo ƙarin buhu 8,000, wato jika ɗaya, buhu 2,000. A rubuce:

```
Qd  = 24 - P
Qo1 = 2P - 12
```

A gwada kafin a ci gaba. In aka sa 8 a na biyun, 16 a cire 12 saura 4, ya yi daidai da zane. In aka sa 16, 32 a cire 12 saura 20, shi ma ya yi. Tsohon daidaito kuma shi ne inda biyun suka zo ɗaya: a farashi 12, masu saye suna son 12, masu sayarwa suna kawo 12. Jika 12, buhu 12,000.

Layin `O2` bai faɗa kan kusurwa ko ɗaya ba, wataƙila da gangan mai tambayar ya yi haka. Amma rubutu ya ba da girman matsawar, buhu 6,000 a kowane farashi, sai a cire 6 daga yawan kaya:

```
Qo2 = 2P - 18
24 - P = 2P - 18
42 = 3P
P = 14,  Q = 10
```

Yanzu a koma hoton a tambaye shi ko ya yarda. A kan layin farashi 12, lissafi ya ce `O2` zai ratsa a 6, tsakanin 4 da 8, kuma a nan yake a hoton. A kan layin 16 zai ratsa a 14, tsakanin 12 da 16, nan ma haka ne. Mahaɗar kuma ta faɗa cikin gidan da 8 da 12 suka kewaye a kwance, 12 da 16 a tsaye. Layin `D` da kansa ya raba wannan gida daga kusurwa zuwa kusurwa, `O2` kuma ya yanke shi a tsakiya. Zane da lissafi sun ba da abu ɗaya: sefa 14,000 buhu, buhu 10,000 a mako.

Dalilin da ya sa jika 2 ne kawai

Wannan ne wurin da ya fi cancantar a daɗe, domin wanda ya fahimce shi zai iya gano amsar ko hoton ya lalace rabi. A ɗauka ranar farko bayan ɓarnar farashi bai motsa ba, yana jika 12. Masu saye, daga mai tuwo-tuwo a bakin tasha har ɗan kasuwar da ke loda mota zuwa Gana ko Abijan, suna neman buhu 12,000 kamar kullum. Abin da ya iso kasuwa 6,000 ne. Giɓin buhu 6,000 ya buɗe, masu saye suka fara yi wa juna ƙari.

Kowace jika da farashi ya hau tana cin giɓin ta fuska biyu. Masu saye suna janye buhu 1,000, wasu su rage, wasu su haƙura. Masu sayarwa kuma suna ƙaro buhu 2,000, domin wanda ya riƙe tasa yana jiran tsada zai buɗe rudu, wanda ke nesa, a Madawa ko Tamaske, zai ga kuɗin mota ya fita. Jimilla buhu 3,000 a kowace jika. Giɓin 6,000 ke nan jika 2 yake buƙata ya rufe. A jika 13 ana neman 11,000, ana kawo 8,000, saura giɓin 3,000, farashi zai ci gaba da hawa. A jika 14 ana neman 10,000, ana kawo 10,000, babu mai dalilin ƙari ko ragi.

A lura kuma da yawan kayan. Ɓarnar ta cinye buhu 6,000, amma abin da ake sayarwa ya ragu da 2,000 ne kawai, daga 12,000 zuwa 10,000. Sauran 4,000 tsadar ce ta jawo su. Wanda ya rubuta cewa sabon yawan 6,000 ne, ya tsaya a ranar farko, bai bar kasuwar ta motsa ba.

Layin `D` kuwa bai gusa ko taki ɗaya ba. Mutane sun rage saye, amma tsada ce ta sa, ba son albasa ne ya ragu ba. Sun hau ne a kan layinsu daga wuri zuwa wuri. Masu gyara suna neman wannan jimla a amsa, kuma sau da yawa ita ce ke raba mai cikakken maki da mai rabi.

Inda sauran amsoshin suka fito

Mai 18,000 ya ga 6 a rubutu ya ɗora ta kan 12. Ya haɗa buhu da kuɗi: shidan nan ta gefen kwance ce, ba ta da hurumi a gefen tsaye. Gwaji ɗaya ya isa ya rushe ta. A jika 18 masu saye 6,000 kawai suke so, masu sayarwa za su kawo 18,000, rarar buhu 12,000 na zube a kasuwa.

Amsar 15,000 ta biyu ta fi wayo, ba ta rula ba ce. Mai ita ya tsaya a tsohon daidaito, ya hau sama a miƙe har ya taɓa `O2`, ya karanta 15. Lambar gaskiya ce, amma amsar wata tambaya ce daban: farashin da masu sayarwa za su nema kafin su ci gaba da kawo buhu 12,000 kamar da. Matsalar ita ce a jika 15 masu saye 9,000 za su ɗauka, a bar rarar 3,000, dole farashi ya sauko. Wannan kuskure ya fi yawa a wajen ɗalibai masu ƙoƙari, domin sun san layi ya matsa sama da jika 3, sai su ɗauka farashi ma da jika 3 zai hau. Hakan na faruwa ne kawai idan layin masu saye a tsaye yake ƙyam, wato ba sa rage saye komai tsada. A wannan zane ba haka yake ba.

Amsar 10,000 ana iya isa gare ta ta ƙofa biyu. Ko dai an gano mahaɗar daidai aka sauko ƙasa aka karanta 10 ta yawan buhu a matsayin farashi, abin da ke da sauƙin faruwa tunda gefunan biyu lambobi iri ɗaya suke ɗauke da su, ko kuma an ga kalmar raguwa aka matsar da `D` hagu da 6 a madadin layin masu sayarwa. In aka yi hakan, `18 - P` zai yi daidai da `2P - 12`, farashi ya fito 10, yawa 8. Ko ta wace ƙofa aka shigo, tambaya ɗaya za ta kama kuskuren tun kafin a duba lissafi: albasa ta ruɓe a rudu, a ce kuma ta yi araha? Duk wanda ya taɓa sayen albasa bayan damina, lokacin da ta bazara ta ƙare sabuwa ba ta fito ba, ya san amsar. Shi ya sa yake da kyau a rubuta alkiblar a gefen takarda tun kafin a fara lissafi: farashi sama, yawa ƙasa. Amsar da ta saɓa wa wannan ba ta buƙatar a sake dubawa sau biyu.

Da an sauya rubutun, zanen yana nan

Wannan zane ɗaya yana iya zuwa da wani labari. A ce an ɗora harajin sefa 3,000 a kan kowane buhu, mai sayarwa ne ke biya. A nan matsawar a tsaye ake aunata, jika 3 sama, kuma layin da zai fito shi ne dai `O2`, domin a wannan layi jika 3 a tsaye daidai take da buhu 6,000 a kwance. A lissafi, ana sa `P - 3` a gurbin `P`, sai `2(P - 3) - 12` ya koma `2P - 18`. Farashin kasuwa 14,000 ne kamar da. Bambancin shi ne yanzu akwai farashi na biyu da za a iya tambaya: mai saye ya biya 14,000, mai sayarwa ya miƙa 3,000, ya rage masa 11,000. Idan aka gwada da tsohon farashi, mai saye ya ɗauki jika 2 na harajin, mai sayarwa jika 1, domin masu saye ne suka fi wuyar janyewa a wannan zane. Ana samun 11 ɗin a zane ta hanyar saukowa daga sabuwar mahaɗa a miƙe har a taɓa `O1`.

Abin dubawa a rubutun tambaya ke nan: da me aka auna canjin? In da buhu ne, ko tan, ko kilo, a kwance ake matsar da layi, a cire ko a ƙara a kan `Q`. In da sefa ne a kan kowane buhu, a tsaye ake matsarwa, a gyara `P`. Idan kuma cewa aka yi kaya sun ragu da kashi kaza cikin ɗari, layin ba zai tafi kafaɗa da kafaɗa da tsohon ba, zai juya ne, sai a ninka dukan `2P - 12` da kason da ya yi saura.

A takardar amsa, ga abin da ya kamata mai gyara ya gani a jere: tsohon daidaito, sefa 12,000 da buhu 12,000, layin da ya matsa da dalilinsa, wato na masu sayarwa, zuwa hagu da buhu 6,000, layin masu saye yana inda yake, lissafin da ya kai ga 14 da 10, sai gwaji, a sa 14 a duka biyun, 24 a cire 14 saura 10, 28 a cire 18 saura 10. A sake zana zanen da fensir a takarda mai gidaje, a sa wa sabuwar mahaɗa suna, a ja ɗigo-ɗigo daga gare ta zuwa 14 a gefen tsaye da 10 a gefen kwance, a rubuta amsar da cikakken ma'auninta: sefa 14,000 kowane buhu, buhu 10,000 a mako.